Kumburin Fuska da Safe: Aikin Gishiri, Ruwa da Barci

Idan mutum ya fito da safe idanunsa sun yi luhu-luhu, kumatunsa sun ɗan tasa, abin da ake ce masa shi ne, "Lallai ka sha barci." Wani lokacin hakan ne, amma sau da yawa wanda ake faɗa wa haka bai samu ko awa biyar ba. Abin da ya bayyana a fuskarsa ruwa ne. Ba ƙiba ba ce, ba kuma jini ba ne. Ruwa ne da ya taru a ƙarƙashin fata cikin dare, kuma a jikin mai lafiya yakan saɓe da kansa kafin hantsi ya dubi ludayi.

Abubuwa uku ne suka fi tasiri a kan wannan ruwa, kowanne da aikinsa. Gishiri shi ke ƙayyade yawan ruwan da jiki zai riƙe. Kwanciya ita ke ƙayyade inda ruwan zai taru. Ƙarancin barci kuwa yana sauya launi da yanayin fatar da ke kewaye da ido, har kumburin ya fi fitowa. Ruwan sha, wanda aka fi ɗora wa laifi, shi ne mafi ƙarancin laifi a cikinsu. Wanda ya gane wannan rabon aiki zai iya gyara fuskarsa ta safe ba tare da sayen ko man shafawa ɗaya ba, zai kuma gane ranar da kumburin ya wuce batun abincin dare ya zama batun asibiti.

Inda ruwan yake kafin ya zo fuska

Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin babban namiji ruwa ne, na mace kuma ya ɗan gaza haka. Mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kimanin lita 42. Kusan lita 28 na cikin ƙwayoyin halittar jiki, lita 3 na cikin jini, sauran lita 11 kuma suna kwance ne a tsakankanin ƙwayoyin halitta, a cikin nama da ƙarƙashin fata. Wannan kaso na ƙarshe shi ne ruwan da ke kumbura fuska.

Ruwan nan ba a tsaye yake ba. Ƙananan hanyoyin jini kullum suna tsattsafo da shi zuwa cikin nama, wasu siraran hanyoyi kuma, waɗanda ke bi ta kaluluwa, suna kwashe shi suna mayar da shi cikin jini. Waɗannan hanyoyi na biyu ba su da famfo irin zuciya. Sun dogara ƙwarai da motsin tsoka, da numfashi, da kuma gangara. Da rana, mutum na tsaye ko na zaune, kansa ne a sama, saboda haka ruwan fuska yana gangarowa ba wahala, ya je ya taru a ƙafafu. Shi ya sa takalmi ya fi matse ƙafa da yamma, musamman ga tela ko direba ko mai shago da ya yini a wuri ɗaya.

Jiƙaƙƙen zane idan aka rataye shi a igiya, ruwansa a bakin ƙasa yake taruwa. Idan aka shimfiɗa shi a kan tabarma, sai ruwan ya bazu ko'ina. Haka jiki yake yi idan an kwanta: ruwan da ya yini a ƙafafu ya komo sama, wani ya shiga jini ƙoda ta fitar da shi, wani kuma ya tsaya a wuya da fuska. 'Yan sama jannati sun fi kowa sanin wannan, domin a kwanakinsu na farko a sararin samaniya, inda babu abin da ke jan ruwa ƙasa, fuskokinsu kan cika, ƙafafunsu su sirance.

Me ya sa ido ne ke fara nunawa? Fatar ido ita ce mafi siranta a duk jiki, ba ta kai milimita ɗaya ba, naman da ke ƙarƙashinta kuma sako-sako ne. Ruwan da bai kai cokali ba ya isa ya sauya kamanninta, alhali da a cinya ya taru ba wanda zai lura. Ban da haka, mai farke yana ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, kowace ƙiftawa kuma tana matse ruwan wurin tana tura shi gaba. Mai barci ba ya ƙiftawa. Don haka ɗan kumburin ido na farkawa abu ne da kowane mai lafiya ke yi. Abin tambaya shi ne me ke sa ya yi yawa a wata safiyar.

Gishiri: mai riƙe ruwa

Abin da ke aiki a cikin gishiri shi ne sinadarin sodiyam, wanda ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin gishirin girki. Jiki yana tsare daidaiton sodiyam da ruwa a cikin jini da tsananin kula. A taƙaice, kowace lita ta ruwan da ke wajen ƙwayoyin halitta tana tafiya da sodiyam ɗin da ya yi daidai da gishiri giram 8. Idan gishiri ya ƙaru, jiki ba ya barin jinin ya yi zartsi. Ƙwaƙwalwa tana tayar da ƙishirwa, tana kuma sakin wani sinadari da ke umartar ƙoda ta rage fitsari, har sai ruwan ya tsarma gishirin ya koma ma'auninsa. Sakamakon shi ne jiki ya ƙaru da ruwa.

Ƙoda za ta fitar da rarar, amma ba ta gaggawa da gishiri yadda take yi da ruwa. Mai lafiya idan ya sha lita guda ta ruwa zalla, yawancinsa zai fita cikin awa biyu zuwa uku. Rarar gishiri kuwa takan ɗauki kwana ɗaya, wani lokacin biyu ko uku, kafin ta gama fita, kuma muddin tana nan, ruwanta na nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato sodiyam miligiram 2,000, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya haura giram 10, ninki biyu ke nan. A gidajenmu kuma gishirin da ake barbaɗawa da hannu ba shi ne duka labarin ba. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, don haka ƙarami mai giram 4 yana ɗauke da kusan giram 2. Farin magi shi ma yana da sodiyam, ko da yake bai kai gishiri ba, kusan kashi 12 cikin 100. Kanwar da ake jefawa a miyar kuka da ta kuɓewa da ɗanwake da wake, yawancinta sodiyam ce, duk da cewa harshe ba ya jin ta kamar gishiri. Sai yajin tsire, da kilishi, da burodi, da kifin gwangwani, da ƙullin kayan ɗanɗanon da ke cikin ledar taliyar 'yan yara.

Ƙarfin kanwa wajen riƙe ruwa ba sabon labari ba ne ga likitocin ƙasar Hausa. A shekarun 1970, likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun yi rubutu a kan yawan masu jego da ke zuwa da kumburi da gazawar zuciya, suka danganta hakan da yawan shan kunun kanwa tare da zafin wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Binciken da ya biyo baya ya nuna akwai wasu dalilan da ke da hannu a ciwon, amma gargaɗin da ya shafi yawan kanwa yana nan daram.

Lissafin dare ɗaya

Mu ɗauki misalin wani saurayi mai lafiya, mai nauyin kilo 70, wanda kafin magariba ya riga ya ci gishirinsa na yini, giram 5, a karin kumallo da abincin rana. Bayan isha'i aka kawo tuwo da miyar kuka. Tukunyar miyar ta mutum shida ce, an sa mata ƙananan dunƙulen magi shida da cokalin shayi na gishiri a cike. Dunƙule shida giram 12 ke nan na gishiri, cokalin kuma giram 6, jimla 18. Rabonsa giram 3, ba a ma lissafa kanwa ba.

Ƙarfe goma ya fita majalisa, ya tsaya wajen mai shayi aka dafa masa taliya da ƙwai. A ce a bayan ledar an rubuta sodiyam miligiram 1,200. Hanyar mayar da sodiyam gishiri ita ce a ninka shi sau biyu da rabi: 1,200 sau 2.5 ya ba da miligiram 3,000, wato giram 3. Mai shayi ya marmasa rabin dunƙule a ƙwan, giram 1 ke nan. Abokinsa ya sayo tsire, ya ci tsinke biyu yana dangwala yaji, a ce wani giram 1. Tsakanin isha'i da sha ɗaya na dare ya zuba wa cikinsa gishiri giram 8 a kan na yini.

Abin da zai biyo baya sananne ne. Ƙishirwa za ta taso, ya sha ruwan leda biyu, lita guda cif. Da ruwan kaɗai ya sha, da ya tashi fitsari sau ɗaya ko biyu ya rabu da shi. Amma giram 8 na gishiri shi ne daidai abin da ke riƙe lita guda, ga shi kuma da dare jiki kan rage yin fitsari don mutum ya samu barci. Ƙodarsa za ta fitar da wani kaso kafin asuba, sai dai ba mamaki ya wayi gari da rarar rabin lita ko fiye. Idan ya hau sikeli zai ga ƙarin rabin kilo zuwa kilo guda. Wannan ba kitse ba ne, domin tara kilo guda na kitse yana buƙatar rarar abincin da ta kai ta kwana uku cur. Ruwa ne, kuma tunda ya kwana a miƙe, wani kasonsa yana fuskarsa. Zoben da ke yatsarsa ma zai matse.

Da a ce wannan gishirin da rana ya ci shi, da jimlar ba ta sauya ba, illarsa ga hawan jini ma tana nan, amma fuskarsa ta safe da ta fi sauƙi, domin ƙoda ta samu awanni tana aiki yana tsaye, ruwan kuma yana gangarawa ƙasa. Lokacin cin gishiri yana da tasiri a fuska kusan kamar yawansa.

Wannan ne ya sa mutane da yawa ke ganin kumburin ido a watan azumi. Duk gishirin yini yana shiga ne tsakanin magariba da asuba: ƙosai da yaji, soyayyen dankali, farfesu, sannan sahur. Mutum ya ɗura ruwa kofi uku ko huɗu kafin kiran salla don tsoron ƙishirwa, ya idar da asuba ya koma ya kwanta. Sahur mai ƙarancin gishiri, da shan ruwa kaɗan-kaɗan tun daga buɗa-baki maimakon a haɗiye shi a tashi ɗaya, yana rage kumburin, yana kuma rage ƙishirwar yini.

Ruwan sha: tsakanin zance biyu

Akwai maganganu biyu da ke yawo, kowacce da ɗan gaskiyarta. Ta farko ita ce shan ruwa da dare ke kumbura fuska, don haka a daina. Ta biyu ita ce a yi ta shan ruwa, zai wanke gishirin ya kuma gyara fata.

Game da ta farko, lissafin da ya gabata ya nuna cewa ruwa ba ya zama idan babu gishirin da zai riƙe shi. Kofi ɗaya kafin kwanciya ba zai kumbura fuskar mai lafiyayyar ƙoda ba. Illar shan ruwa mai yawa dab da barci ita ce ya tashe ka fitsari ya katse maka barci. Hana kai ruwa bayan an ci gishiri kuwa ba dabara ba ce: za a kwana da ƙishirwa, a tashi da bushewar baki da ciwon kai, gishirin kuma yana nan yana jiran ruwan safe.

Game da ta biyu, ƙoda tana buƙatar isasshen ruwa don ta yi aikinta, amma ƙara mata ruwa fiye da buƙata ba ya sa ta ninka saurin fitar da gishiri. Ga fata ma, wanda dama ba ya shan isasshen ruwa shi ke ganin sauyi idan ya ƙara. Wanda ke shan abin da ya ishe shi, ƙarin lita biyu ba zai goge masa tamoji ba, zai dai yawaita zaga bayi. Bushewar fata da tsagewar leɓe na hunturu ma daga waje suke zuwa, busasshiyar iska ce ke zuƙe danshin saman fata, maganinsu kuma man shafawa ne irin su man kaɗe ko basilin.

Rashin ruwa na gaske yana da tasa fuskar, kuma kishiyar kumburi ce. Ido yana faɗawa ciki, inuwar ƙarƙashinsa ta ƙara duhu, leɓe ya bushe, fata ta rasa sheƙi. Ana ganin wannan ga mai azumi da la'asar a tsakiyar bazara, ana kuma ganin mai tsananinsa ga yaron da ke gudawa.

Ma'aunin da hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayar shi ne kusan lita 2 ga mace da lita 2.5 ga namiji a rana, haɗe da ruwan da ke cikin abinci, a yanayi mai sanyi-sanyi. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, mai aiki a rana yana buƙatar fiye da haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa launin fitsari ya fi lissafin kofi amfani: idan rawaya ne mai haske, ruwa ya isa, idan ya yi duhu ya kuma yi kaɗan, a ƙara. Abin da ya fi dacewa da fuska shi ne a sha yawancin ruwan tsakanin safe da magariba, a sassauta a awa biyun ƙarshe kafin barci.

Barci: yawansa da yanayin kwanciya

A shekarar 2010, masu bincike a cibiyar Karolinska da ke Sitokholm a ƙasar Suwidin sun ɗauki hotunan mutum 23 sau biyu: sau ɗaya bayan barcin awa 8, sau ɗaya kuma bayan sun yi awa 31 ido biyu. Aka nuna hotunan ga mutum 65 da ba su san wane hoto ne na wace rana ba. Masu kallon sun ga waɗanda ba su yi barci ba sun fi kama da gajiyayyu, sun fi kama da marasa lafiya, kyansu ma ya ragu. A 2013 masu binciken suka fayyace alamomin da ido ke kamawa: fatar ido ta sama ta sauko, ido ya yi ja ya kumbura, ƙarƙashinsa ya yi duhu, fata ta koɗe, ƙananan layuka sun fito, gefen baki ya karkata ƙasa.

Mafi yawan waɗannan alamomi a kewayen ido suke. Gajiyayyen ido yana bushewa, yana ƙaiƙayi, ƙananan hanyoyin jininsa suna buɗewa, mai shi kuma yana yawan murza shi, murzar kuma tana ƙara tsattsafowar ruwa a wannan siririyar fata. Ga mai duhun fata, yawan murza ido na wata da watanni yana iya barin baƙin da ba ya tafiya da barcin dare ɗaya. Abin da masana barci suka yi ittifaƙi a kai shi ne babba ya samu aƙalla awa 7 a dare.

To me ya sa wanda ya yi barcin awa goma ranar hutu shi ma ke tashi da kumburi? Saboda ya ƙara awannin kwanciya a miƙe, ba ƙiftawa, ba motsi. Nan ne maganar "ka sha barci" take gaskiya. Bambancin shi ne nasa kumburin ba ya zuwa da jan ido da koɗewa, kuma yana saurin saɓewa.

Yanayin kwanciya shi ne abin da ya fi sauƙin gyarawa. Mai kwanciya ruf da ciki fuskarsa ce a ƙasa, ga kuma matashi na danne ta, don haka shi ya fi kowa kumburi. Mai kwanciya a gefe ɗaya yakan ga idon da ya kwana a ƙasa ya fi ɗan'uwansa tasawa. Rigingine da kai a ɗan sama shi ya fi barin ruwa ya gangara. Ba tara matasan kai uku a ƙarƙashin wuya ake nufi ba, wannan lanƙwasa wuya yake yi ya jawo ciwo. A ɗaga kafaɗu da kai tare, ko a sa wani abu a ƙarƙashin katifa ta wajen kai.

Hanci ma yana da hannu. Jinin da ke ƙarƙashin ido yana da mahaɗa da na cikin hanci, don haka idan mura ko ƙurar hunturu ta toshe hanci, jinin wurin yana cunkushewa, ƙarƙashin ido ya kumbura ya yi duhu. Haka nan kuka kafin barci, da giya, da kwanakin da ke gab da al'adar mata, duk suna ƙara kumburin safe ba tare da wani ciwo ba.

Gwajin mako guda

Mai son sanin abin da ke kumbura tasa fuskar yana iya gwadawa a gida. Ya ɗauki hoton fuskarsa da zarar ya tashi, a wuri ɗaya da haske ɗaya, ya sake ɗauka bayan awa biyu. Kwana uku na farko kada ya sauya komai. Sauran kwanakin ya sauya abu ɗaya tak: abincin dare. Ya ci shi aƙalla awa uku kafin kwanciya, a raba magin miya biyu, a cike gurbin da daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da busasshen kifi, a bar taliyar leda da yajin tsire sai da rana. Idan gishiri ne, bambancin zai fito cikin kwana biyu zuwa uku. Idan bai fito ba, mako na gaba ya gwada ɗaga kai da ƙara barci. Sauya komai a tare yana iya aiki, amma ba zai nuna masa mai laifin ba.

Abinci mai sinadarin fotasiyam, irin su wake, dankalin Hausa, alayyafo, zogale, ayaba da dabino, yana taimaka wa ƙoda ta saki sodiyam. Sai dai mai ciwon ƙoda kada ya ƙara su sai da izinin likitansa, domin yawan fotasiyam a jininsa haɗari ne ga zuciya.

Idan kumburin ya riga ya zo, tashi tsaye da tafiya su ne babban magani. Wanke fuska da ruwan sanyi, ko ɗora tsumma mai sanyi a ido na minti biyar zuwa goma, yana tsuke hanyoyin jini ya gaggauta saɓewa. Shafa a hankali da yatsa daga gefen hanci zuwa kunne, sannan a gangara wuya, yana taimakawa na ɗan lokaci. Kada a ɗora ƙanƙara kai tsaye a fatar ido. Kada kuma a sayi ƙwayar sa fitsari, irin su furosemayid, don gyaran fuska: tana zubar da fotasiyam, tana saukar da jini, kuma ranar da aka daina ta jiki yakan rama ta hanyar riƙe ruwa fiye da da.

Akwai kuma jakar ƙarƙashin ido da ba ruwanta da duk wannan. Kitsen da ke tallafe da ƙwayar ido ne ke turowa gaba idan shekaru suka ja, ko don gado. Alamarta ita ce safe da yamma duk ɗaya take, kuma rage gishiri ba ya kawar da ita.

Lokacin da ba gishiri ba ne

Ruwa ba ya tsami banza. Kumburin da abinci da kwanciya suka kawo yana kama ido biyu daidai, ba ya ciwo, yana raguwa cikin awa ɗaya ko biyu da tashi, kuma ana iya nuna abin da aka ci ko aka yi daren jiya. Wanda ya saɓa wa wannan siffa yana buƙatar a duba shi.

Ga yaro, kumburin ido da safe na kwanaki a jere yana daga cikin alamomin farko na ciwon ƙoda. Idan fitsarinsa yana kumfa sosai, ƙodar na zubar da furotin ke nan. Idan fitsarin ya ragu ya koma launin baƙin shayi, musamman mako ɗaya zuwa uku bayan ciwon maƙogwaro, ko 'yan makonni bayan ƙazwa ko gyambon fata, ƙodar ce ta kumbura. Yaron da ƙafafunsa biyu da fuskarsa suka cika, gashinsa ya yi laushi ya yi ja-ja, ba ƙiba ya yi ba, tamowa ce mai tsanani.

Ga mai juna biyu da cikinta ya wuce mako 20, kumburin fuska da hannaye da ya zo kwatsam, musamman tare da ciwon kai, ganin dishi-dishi ko ciwo a saman ciki, yana iya zama hawan jinin masu ciki wanda ke kai wa ga jijjiga. Wannan ba ya jiran ranar awo. A je a ranar a auna jini da fitsari. Awon da ya kai 140 bisa 90 abin ɗauka da gaske ne.

Fuskar da ke zama zagaye a hankali cikin makonni, ciki na girma, ƙafafu na sirancewa, sau da yawa aikin magungunan sitiroyid ne irin su deksametason da firednisolon, waɗanda ake sha a matsayin maganin ƙiba ko ake cusawa cikin haɗe-haɗen maganin ciwon jiki, wasu danginsu kuma suna cikin mayukan bilicin. Wanda ya daɗe yana shan su kada ya yanke a dare ɗaya, domin hakan na iya kayar da shi. Likita ne ke rage masa sannu a hankali. Magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen su ma suna sa jiki riƙe gishiri, suna kuma wahalar da ƙoda idan an daɗe a kansu. Kumburin da ba ya loɓawa idan an danna, tare da kasala, jin sanyi, bushewar fata da taurin bayan gida, yana nuni ga raunin ƙullin maƙogwaro da ake kira tayiroyid.

Kumburin ɓangare ɗaya mai zafi da ja yakan fito ne daga ruɓaɓɓen haƙori ko ƙwayar cuta a fatar ido, kuma idan ya zo da zazzaɓi ko ido ya kasa juyawa, na gaggawa ne. Mafi gaggawa duka shi ne leɓe ko harshe ko ido su kumbura cikin mintuna bayan cin wani abu, harbin zuma ko shan magani, har da maganin hawan jini irin su lisinofiril ko da an daɗe ana shan sa. Idan numfashi ko haɗiya ya fara wuya, a tafi asibiti nan take.

Abin da ake fara yi a asibiti ba shi da tsada kuma ba ya ɗaukar lokaci: awon jini a dantse, da ɗan tsinken gwaji da ake tsomawa a fitsari don ganin ko akwai furotin ko jini, sannan gwajin jini na aikin ƙoda idan an ga dalili. Duk wanda fuskarsa ke kumbura kullum har bayan hantsi, ya kuma rage gishiri mako guda bai ga sauyi ba, waɗannan gwaje-gwaje uku ne matakinsa na gaba, kuma ya tafi da duk magunguna da mayukan da yake amfani da su don likita ya gan su da idonsa.